Ramuka uku a bangon asibiti

Wautata ba ta da magani. Kwana da kwanaki ina girbe wa taubashina geronsa, nawa tsuntsaye na ci, don ya ce an kwantar da shi asibiti a Zinder. Har hoto ya turo wa matata a waya, yana kwance, ya langaɓar da kai.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na taɓa sayen rediyo a Najeriya, kan wayarta ya ƙi shiga bango a gidan wani a Magariya. Wurin jona wuta na ƙasarmu ramuka biyu ne zagayayyu. Wanda ke bayan kansa a hoton kuwa ramuka uku ne masu kusurwa, har da makunni a gefe, irin na Najeriya. Ashe mutumina yana tsallaken iyaka yana hutawa.

Ban yi faɗa ba. Na je wurin surukinsa, dattijo mai zafin rai, na ce, "Baba, jikin mijin 'yarka ya tsananta, ya kamata a duba shi." Tsohon ya hau mota, ya wuni yana bin gadajen asibiti a Zinder, bai same shi ba.

Da taubashin ya dawo, ya sha tsugunno gaban surukin, ya kuma ji yadda bangon hoton ya tona shi, sannan ya biyo ta ƙofata. Ya ce, "Kai da ko lantarki babu a gidanka, wa ya aike ka kallon bango?"