Burodin Goggo Bai Rame Ba

Duk unguwar Goggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da tandar rabin durom ta fara gasa burodi a bayan ɗakinta, lokacin mijinta yana tuƙa babbar mota, yaran kuma ƙanana. Yau tana da gidan burodi mai injin kwaɓi, da dogon tebur na yankan ƙullu, da tanda biyu. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta iya raɗa ba. Ma'aikatanta kan ce in ta yaba maka sai ka ɗauka zagi ne. Amma burodinta in ka ɗaga sai ka ji shi a hannu, kuma da wannan ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe mijin tun da hawan jini ya sauke shi daga mota.

Shekarar da kuɗin ƙasar ya soma faɗuwa, Goggo ta yi kuskuren da masu tausayi ke yi. Tana da fulawa jibge a sito wadda ta saya da tsohon farashi, sai ta ci gaba da sayar da burodi yadda ta saba. Wai ita ba za ta ƙara wa mutane kuɗi a kan kayan da ba a ƙara mata ba. Ciniki ya yi kyau kuwa, sito ya yi wayam. Ranar da ta ɗauki cinikin ta tafi sabon sari, kuɗin da ya kamata ya dawo mata da buhu goma, bakwai ya sayo da ƙyar.

Nan ta sauke wa mai fulawa kwandon masifa.

"Kai dai ka ji tsoron Allah! Waɗannan buhunan ai tun wancan watan nake ganinsu a jingine. Me ya shiga cikinsu da suka yi tsada?"

Mai fulawa ya tura mata kujera. "Zauna, Goggo. Alkamar nan daga waje ake kawo ta, kuma mai ita ba ya karɓar kuɗinmu, dala yake so. In na sayar miki da farashin jiya, da me zan sayo ta gobe?"

"To ita dalar aljanu ne suka ɗaga ta?"

"Ƙaranci ta yi. Abin da ƙasar nan ke kaiwa waje ta samo dala, farashinsa ya karye, dalar da ke shigowa ta ragu. Masu nemanta kuwa ba su ragu ba. Mai alkama na nema, mai magani na nema, mai man fetur na nema. Ga gwamnati tana kashe fiye da abin da take samu, tana buga sababbin kuɗi ta cike giɓin. Namu ya yi yawa, dala ta yi kaɗan. Masu hali kuma da suka ga haka sai suka ruga suna mayar da ajiyarsu dala, suka ƙara mata tsada."

Goggo ta yi tsaki ta biya. Ta gane, gane ɗin ne bai yi mata daɗi ba.

Daga nan abin ya bi ta ko'ina. Yis ya tashi, bota ta tashi, leda da man janareto suka bi sahu. A gida ƙwayar hawan jinin maigidan ta kusa ninkawa, don ita ma jirgi ke kawo ta. Har tumatir da albasa da ake nomawa a bayan gari suka yi tsada, tunda taki na waje ne, motar da ke ɗauko su kuma ba ruwa take sha ba.

Auta ne ya kawo shawara. Shi ke raba burodi a babur mai ƙafa uku, ga gemu ga 'ya'ya biyu, amma har yau Auta ne.

"Inna, kowa fa ya rage yanka. A ɗan tsakure ƙullun, a ƙara yis, a bar shi ya kumbura sosai. Ido ba zai gane ba, farashi yana nan."

"Ido ba zai gane ba, ciki fa? Leburan da ya ci da safe zai hau gini, iska zan sayar masa?"

"In muka ƙara kuɗi masu shayi za su gudu."

"Su gudu. In zan cuci mutum gara in gaya masa a fuskarsa."

Ta ƙara kuɗi, suka kuma gudu. Auta ya riƙa dawowa da rabin kaya, yana sauke tire da ƙarfin da bai kamata ba. Tanda ɗaya ta mutu. Aka sayar da babur ɗin, Auta ya koma keke, ya daina yi wa uwarsa magana sai gaisuwa.

Ranar da ta fi tsorata ita ce ranar da ta kama maigidan yana raba ƙwayarsa biyu da wuƙa, wai don ta kai ƙarshen wata. Ta yi masa faɗa kamar za ta tashi gidan, ta fita. Ta shiga gidan burodi, ta ture mai yanka, ta yanko ƙullu ta tsakure gefensa. Ta riƙe shi a tafin hannu. Hannun da ya shekara da shekaru yana wannan aiki ya ji nauyin ba irin na gidanta ba ne. Kunya ta rufe ta a gaban ma'aikatanta. Ta mayar da abin da ta tsakura, ta mulmula, ta ajiye.

"Ku gasa yadda kuka saba," ta ce. "Amma daga yau a kawo min wuƙa gaban kanti. Wanda ba shi da kuɗin guda, a yanka masa rabi."

Masu gidajen burodi suka yi ta dariya, wai Goggo ta koma sayar da gutsure. Rabin nan kuwa shi ya riƙe gidan, shi ya sayi magani. Mata suka riƙa zuwa da safe suna saya wa 'yan makaranta. Masu shayi ba duka suka dawo ba, amma wasu sun dawo suna sosa ƙeya, don masu shan shayinsu sun gaji da burodin da ke narkewa tun bai taɓa kofi ba. Kuɗin ƙasar bai farfaɗo ba, riba ma ba ta koma yadda take ba. Tanda ta biyu dai ta sake kamawa, har aka buƙaci ƙarin hannu.

Wanda aka ɗauka magidanci ne, ƙwararre, daga wani gidan burodi da aka rufe. Safiyar farko Goggo tana sito tana duba buhuna, ta jiyo shi yana yanka da sauri, ƙullu na faɗawa kan tebur. Daga ƙarar kawai ta san hannunsa ya saba da ƙaramin yanka. Ta gyara ɗaurin zane za ta fito ta yi abin da ta fi iyawa, sai ta ji muryar Auta.

"Malam, dakata. Ƙara masa."

"Ai haka ake yi ko'ina yanzu."

"Ko'ina ban da nan. A gidan uwata ba a yanka haka."

Goggo ta koma ta zauna a kan buhun fulawa. Daɗi ya cika ta, ta sa bakin mayafi ta goge ido. Ba ta fito ba sai da suka gama tiren.